Yanken bayan Gujungu

Daga tashar Yankaba a Kano zuwa Haɗeja tafiyar awa uku ce, ko ta ɗan gota, idan hanya na da lafiya. Ka wuce Gezawa, ka shiga ƙasar Jigawa, ka ratsa Ringim da Taura, sai Gujungu, inda hanyoyin Gumel da Jahun da Haɗeja suka haɗu. Ni ɗaurin auren ɗan goggona ya tashe ni, a ƙarshen damina, cikin watan Satumba, gero ya nuna an fara girbi. Motar da na shiga Sharon ce, an cika ta taf, but ɗinta kuma an danna masa buhunan garin fulawa da katan-katan na taliya har sai da aka ɗaure murfin da igiya. Bayan motar ya zauna, salansa ta kusa taɓa ƙasa. Ba wanda ya damu, don a kwalta hakan ba ya hana tafiya.

Direbanmu mutum ne mai matsakaicin shekaru, mai fara'a, kuma ya iya hannu. Tun a Gezawa ya gaya mana lissafinsa. So yake ya sauke mu kafin azahar, ya samu lodin dawowa, ya kwana a gidansa a Kano. Direban haya da sawu yake ci, kuma sawun zuwa kusan duk a mai da kuɗin tasha da balas ɗin mai mota yake ƙarewa. Na dawowa ne nasa. Duk abin da ya faru daga baya, wannan lissafi ne a bayansa.

Mun bar Gujungu da 'yar tazara sai muka tarar da layin motoci. Ruwa ya zaizaye gefen kwalta a kan wani kwalbati, hanya ta koma hannu ɗaya, kuma a daidai wannan ƙuncin wata tirela mai buhunan taki ta lalace. Ba gaba ba baya. Masu dafaffen ƙwai da masu gyaɗa har sun kafa kasuwa. Wasu suka ce an tafi ɗauko bakanike, wasu suka ce wata motar ake jira ta ja ta. Direba ya fita, ya zaga, ya dawo yana duban agogo.

A nan wani saurayi ɗan acaba ya matso kusa da tagarsa.

"Oga, ai akwai yanke. Ka ga waccan turbar ta hannun dama? Ka bi ta, ƙauye biyu kawai za ka wuce, ka ɓullo a gaban kwalbatin. Minti ashirin."

"Mota na bi?"

"Har a-kori-kura tana bi. Ni jiya-jiyan nan na bi ta. Kuma kwana biyar ke nan ba a yi ruwa ba."

Wata Hajiya da ke kujerar tsakiya, mai fataucin atamfofi, ta ce, "Malam direba, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mu jira." Wani matashi mai zuwa ganawar neman aiki ya ce a tafi. Wani dattijo da ke kusa da ni, mutumin wajen Auyo, ya leƙa ya tambayi yaron ko turbar ta ƙetara kwarin ne ko ta bi bayan tudu. Yaron ya ce, "Baba, ɗan ruwa ne iya idon sawu." Dattijon ya gyaɗa kai bai ƙara magana ba. Direba ya miƙa wa yaron 'yan canji, ya karya sitiyari dama.

Ina ganin yaron nan bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya bi ta jiya, a kan babur. A-kori-kura tana bi, da rani. Ba a yi ruwa ba kwana biyar, a nan garin. Kowace magana tasa gaskiya ce, sai dai ba wadda ta shafi Sharon mai ɗauke da mutane da fulawa a watan Satumba.

Farkon turbar daɗi gare ta. Ƙasa ce mai tauri, gonakin gero dama da hagu, an jingine dammuna, ga riɗi ya yi fure. Direba har ya kunna rediyo. Da muka wuce ƙauyen farko sai ƙasar ta sake. Wanda ya san wannan yanki ya san yadda Allah ya shimfiɗa shi: tudun yashi dogo, sai kwari mai baƙar laka, sai wani tudun, a jere, duk sun miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Mutane a kan tudun suke kafa gari su shuka gero, kwarin kuma shinkafa. Duk turbar da ta yanke su a kwance, hawa yashi za ta yi ta sauka laka, ta sake hawa. Ƙasa iri biyu ce, kuma tuƙi iri biyu take so.

Abin da ya fara ba mu wahala ma ba yashin ba ne. Turbar ta amalanken shanu ce. Tayoyin amalanke sun rarake gefe biyu, tsakiya kuma ta yi tudu mai ciyawa. Amalanke na da tsayi, tudun ba ya taɓa ta. Babur gefe ɗaya yake bi, bai ma san da tudun ba. Motarmu kuwa cikinta ne ya rinƙa gogar sa, muna jin ƙarar a ƙarƙashin ƙafafunmu. Direba ya san abin da ke wurin: kwanon baƙin mai na ƙarƙashin inji, wanda idan kututture ya huda shi, tafiya ta ƙare. Sai ya ɗora taya ɗaya a kan tudun, ɗaya a gefen gona, motar tana tafe a karkace, a giya ta ɗaya. Dattijon ya nuna mini ƙasa ta taga. Sawun babur ne da na amalanke da kofaton shanu. Ba sawun mota ko ɗaya, sabo ko tsoho.

"Da ya sauka ya duba wannan tun a bakin kwalta," in ji shi a hankali, "da ya huta."

A hawan tudu na biyu motar ta kafe. Yashi ne mai laushi, fari, kuma kwana biyar ɗin da yaron ya yi mana albishir da su ne suka busar da shi, don jiƙaƙƙen yashi ya fi riƙe taya. Sharon da tayoyin gaba take ja, mu kuma nauyinmu duk a baya yake, ga shi hawa ake yi, sai gaban ya yi sakayau. Direba ya taka totur, tayoyin suka juya a wuri ɗaya suna feso yashi, motar ta ƙara nutsewa. Ya sake takawa. Warin kuloci ya cika motar, wari kamar an ɗora tsohon takalmin roba a garwashi.

"Ɗan nan, ɗaga ƙafarka," in ji dattijon. "Rami kake haƙa mata."

Duk muka sauka. Abin da aka yi daga nan, dattijon ne ya ja ragamarsa, don ya ce a ƙuruciyarsa ya yi yaron mota a irin waɗannan hanyoyi. Ya sa aka sauke buhunan fulawa. Ya sa direba ya rage iskar tayoyin gaba da tsinke. Taya a kwalta ana ba ta iska talatin da 'yan kai, a yashi kuwa sai a sauke ta zuwa wajen ashirin ko ƙasa kaɗan, har ka ga cikinta ya baje. Idan ta baje, faɗin da take takawa ya ƙaru, sai ta hau kan yashin maimakon ta yanka shi. Amma ya ja kunne kada a zarce, don idan iskar ta yi ƙasa da yawa aka karya kwana da ƙarfi, tayar na iya fita daga bakin ƙarfenta. Muka tone yashin da ya taru gaban tayoyin da hannu, da wanda ya tokare cikin motar, aka shimfiɗa karan gero da tabarmin ƙafa na motar. Sannan ya ce kada a yi gaba tukuna. A fara komawa baya, kan sawun da motar ta riga ta danne, a samu fili, sai a taho a giya ta biyu da totur daidai wa daida, ba a sakewa ba a ƙarawa, kuma ko me za a yi kada a canja giya a tsakiyar hawan. Canjin giya na sa mota ta yi ɗan jinkiri, kuma wannan ɗan jinkirin ya ishi yashi ya kama ta.

Haka aka yi, mu muna turi daga baya, ta haye. Sai kuma aikin ɗaukar buhuna a ka zuwa saman tudu. Matashin mai neman aiki, farar rigarsa ta zama abin da ta zama.

A nan ne ya kamata a juya, kuma an faɗa. Hajiya ta faɗa, ni ma na faɗa. Direba ya ce, "Hajiya, ki duba abin da muka sha kafin mu hawo nan. Mu koma mu sake shan sa? Ai saura ƙauye ɗaya." Na lura wahalar da aka riga aka sha ita ce ta zama hujjar ƙara shiga. Ga kuma kunya, don akwai direbobin da suka ga fitarsa daga layi, kuma ya san irin dariyar da za a yi masa a tasha.

Muka yi sallar azahar a ƙauye na biyu. Mutanen kirki, suka kawo mana ruwa a buta da fura. Da direba ya tambayi hanyar fita kwalta, wani magidanci ya nuna arewa da sandarsa ya ce ga ta nan, daga bayan kwarin can, har ƙarar manyan motoci suna ji da dare. Muka gangara. Kwarin da aka ce ruwansa iya idon sawu ne, mun tarar da shi ya zama tafki. Turbar ta shige ciki ta ɓace, ta sake ɓullowa a ɗaya gefen, nisan da bai wuce filin ƙwallo biyu ba. Gefe da gefe ciyawar kachala ce ta yi duhu, ta fi tsayin mutum.

Direba ya tsaya yana mamaki. "To ai ba a yi ruwa ba."

Dattijon ya ce ruwan nan ba na saman garin ba ne. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tahowa, Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama shi. Ruwan da aka yi a can sama, da wanda madatsun Tiga da Challawa suka saki idan sun cika, sai ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso nan. Don haka sama na iya zama wasai, rana na dukan ka, kwari kuma yana ƙara cika cikin dare. Ya ce tun da aka gina Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa ƙarƙaf da rani a wurare da yawa, sai kachala ta samu wurin zama. Ita kuma idan ta cika hanyar ruwa, ta tare laka, sai ruwan ya rasa mabi ya fantsama inda da ba ya zuwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Miga, in ji shi, ba ya raina ruwan kwari. Kuma duk inda ka ga kachala ta yi kauri haka, ruwa ya daɗe yana kwana a wurin, ƙasansa laka ce.

Duk da haka direba bai haƙura ba sai da aka gwada. Wani yaro ɗan garin ya naɗe wando, ya ɗauki sanda, ya shiga yana dogarawa. Taku kaɗan ruwa ya kai masa gwiwa, a tsakiya ya kai cinya, kuma duk inda ya ɗaga ƙafa sai ya yi da ƙyar. Nan direba da kansa ya buɗe gaban mota ya nuna mana bakin bututun da inji ke shaƙar iska, can ƙasa-ƙasa bayan fitila. Ya ce ƙaramar mota irin wannan, ruwa in ya wuce tsakiyar taya an shiga haɗari. In inji ya shaƙi ruwa, ba mutuwa kawai zai yi ba, ƙarafan cikinsa ne za su lanƙwashe, don ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke yi. Kuma in ta mutu a ciki aka sake murza makulli, an ƙarasa ta. Duk wannan ya san shi sarai. Na yi ta mamakin yadda mutumin da ya san motarsa haka ya ɗauki maganar hanya daga bakin wanda bai taɓa tuƙa ƙafa huɗu ba.

Muna tsaye sai ga wani ɗan acaba ya iso. Samari huɗu suka zura sanduna biyu ƙarƙashin babur ɗin, suka ɗaga shi a kafaɗa, suka ƙetare da shi, ya biya su ya tafi. Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. "To ga yadda ɗanka ya bi ta jiya, Malam direba."

Yanzu zaɓi biyu ya rage: a koma, ko a bi bayan tudun a yi gabas, inda aka ce akwai wata hanya da aka yi wa cikon ƙasa ta ƙetare kwarin. Da aka tambayi nisanta, aka ce nan kusa ne. Mutumin karkara ba yaudara yake yi da wannan kalma ba. Da ƙafarsa da sabonsa yake awo, kuma ba ya son karya wa baƙo gwiwa. Dattijon ne kawai ya iya tambayar. Bai ce "da nisa?" ba. Cewa ya yi, "In amalanke ta tashi daga nan bayan azahar, yaushe take isa?" Aka ce masa wajen magariba. Ya ƙara da, "Yaushe rabon da ku ga mota ta bi?" Aka dubi juna, wani ya ce tun kafin ruwa ya sauka sosai. Direba ya ji amsar nan da kunnensa, amma ya ce amalanke daban, mota daban.

A kan yashi bambancin nasu ba shi da yawa. Muka bi bayan tudun, kwalta tana hannun hagunmu, wani lokacin har muna hango turakun wutar lantarki, ruwa kuma ya raba mu da ita. Turbar ba ta miƙe ba, tana zagaye gonaki, tana ratsa ƙauyuka, tana rabuwa biyu a gindin kowace kuka ba alama. Sau da yawa sai an tsaya an nemi mai nuna hanya. Tafiya a giya ta ɗaya da ta biyu, inji na kuka, iska kuma ba ta bugun lagireto, sai allurar zafi ta fara hawa. Direba ya tsaya ya bar inji na aiki a hankali fanka na juyawa, ya hana kowa taɓa murfin lagireto sai da ya huce, sannan aka ƙara ruwa. Allurar mai ita kuma ƙasa take yi. Man da zai kai mu Haɗeja ya rage saura, a 'yan kilomitocin nan ya kusa ƙarewa. A wani ƙauye aka sami mai bumburutu da kwalabe jere a kan tebur, direba ya sayi galan guda a farashin da ya sa shi salati, ya tace da hankici.

La'asar sakaliya muka isa cikon. Yana nan kuwa, an yi shi da jar ƙasa, mai kyau. Sai dai a tsakiyarsa ruwa ya ɓalle bututun kwalbatin ya tafi da shi, ya bar gibi da kwalekwale ke fito a ciki. Mai kwalekwalen ya ce mutane da babura yana ƙetarar da su, mota kam sai dai rani.

Ba wanda ya yi wa direba faɗa a wurin, har Hajiya. Ya zauna a bakin ƙofar motarsa ya cire hula. Matashin nan da wasu mutum biyu suka ɗauki jakunkunansu suka shiga kwalekwale, suka ce za su hau acaba daga can. Mu masu kaya da masu nauyin jiki muka zauna.

Dawowa ta fi sauri, don sawunmu na nan muna bi, kuma motar ta rage nauyi. Amma a kwarin da ke tsakanin tudun farko da na biyu, wanda muka wuce da safe ƙasa na da ɗan danshi kawai, sai muka tarar ruwa ya fara kwanciya. Motar ta shiga laka ta zauna. Dabarar yashi ba ta aiki a nan. Laka santsi gare ta, tana cika zanen taya ta mai da ita sumul, karan da aka shimfiɗa kuma sai ya nutse. Aka aika gari, wani manomi ya zo da bijimai biyu da igiyar amalanke. Direba ya kwanta a taɓo ya nemo ƙugiyar ja da ke gaban motar, don ya ce in aka ɗaura a bamba ko a ƙarfen sitiyari, abin da aka ɗaura ɗin ne zai fita, motar ta zauna. Manomin ya daka wa shanunsa tsawa, direba ya ba da wuta kaɗan-kaɗan, muka tura, ta fito. Aka yi ciniki bayan aiki, wanda kowa ya san ba ya yi wa mai mota daɗi. Muka yi karo-karo muka cika masa.

An idar da sallar magariba muka hau kwalta, a daidai inda muka sauka. Ba tirela, ba layi, ba masu ƙwai, sai ɓawon gyaɗa. Da tayoyin gaba a saɓule ba a gudu a kwalta, suna zafi su fashe, don haka muka lallaɓa har gari na gaba inda aka sami mai faci yana shirin rufewa. Yana ba da iska direba ya tambaye shi yaushe aka janye tirelar.

"Wacce? Ta takin nan? Ai ana kiran azahar aka ja ta gefe. Ku daga ina haka, Oga, duk kun yi buɗu-buɗu?"

"Daga nan kusa," in ji Hajiya ta taga.

Mun shiga Haɗeja bayan isha. Tasha ta watse, ba fasinjan Kano ko ɗaya. Direba ya sauke wa mai fulawa buhunansa, biyu sun sha laka, suka tsaya suna ja-in-ja kan wanda zai biya. Ni na tsayar da mai adaidaita sahu, dattijon ya ce in rage masa hanya zuwa gidan 'yarsa, muka bar su ana kiran shugaban tasha ya raba gardama.